Wasiƙar Godiya ga Ofishin Kuɗi na Makarantar 'Yata

Zuwa ga Malam Akanta da abokan aikinsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in yi muku godiya a bainar jama'a kan yadda kuka bi maganar kuɗin makarantar 'yata da aka cire mini sau biyu, sannan in sanar da ku zaɓin da na yi.

Ranar Litinin ta makon komawa makaranta na tura naira 85,000 ta manhajar bankina, sai waya ta nuna cewa kuɗin bai tafi ba, don haka na sake turawa bayan minti goma. Da magariba saƙonni biyu suka shigo, kowanne yana cewa an cire 85,000, alhali rabin kuɗin nan na cefanen wata ne.

Da na zo washegari raina a ɓace, Malam bai ce in koma banki ba, kujera ya ba ni, ya nemi rasit ɗin turawar guda biyu. Ya nuna mini da bakin biro lambar nan mai alƙaluma 30 da ake rubuta wa Session ID, ya ce kowace turawa da tata, sannan ya buɗe bayanan asusun makaranta na ranar ya same su duka biyun. Ya bayyana mini cewa da ɗaya kaɗai ta bayyana, da kuɗin ya maƙale ne a hanya, bankina ne zai dawo da shi. Amma tunda duka sun shigo, amanar tana wuyan makaranta. Wannan bayanin ya hutar da ni daga zaryar da na san iyaye da yawa suna yi tsakanin banki da makaranta, kowa yana tura su wurin ɗan'uwansa.

Kun ba ni zaɓi biyu: ko a mayar da rarar cikin asusun da ta fito bayan shugaban makaranta ya sa hannu, ko a ajiye ta a madadin kuɗin zango na biyu. Na yi shawara da mahaifiyarta, mun zaɓi a ajiye. Roƙona shi ne a ba ni takarda mai hatimin ofis, ɗauke da sunan yarinyar da lambarta ta ɗaliba da adadin kuɗin, a kuma rubuta cewa idan kuɗin zango ya ƙaru, cikon kawai zan biya. Ba don rashin yarda na nemi haka ba, sai don kada sunanta ya fito cikin masu bashi idan wani ne ke kan teburin a lokacin.

Zan zo ranar Alhamis bayan azahar in karɓa, in Allah ya yarda. Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Mahaifin wata ɗaliba a aji biyu na ƙaramar sakandare