Amsar da za ka ba abokinka kan kuɗin horo

Tudun Wada, Kaduna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na duba hoton takardar ɗaukar aiki da abokinka ya turo maka, wadda ka nemi shawarata a kanta kafin ka ba shi amsa. Ra'ayina shi ne kada ya biya ko kwabo, kuma zan bayyana maka dalili domin ka iya yi masa bayani da bakinka.

Takardar ta ce an ɗauke shi aiki a kan albashin naira 150,000 a wata, amma sai ya biya naira 25,000 kuɗin horo cikin awa 24, in ba haka ba a ba wani gurbinsa. Ka fara tambayarsa ko ya taɓa neman aiki a wurin, kuma ko an kira shi an gana da shi ido da ido. In amsarsa a'a ce, to ya tambayi kansa wane kamfani ne zai ɗauki nauyin biyan irin wannan albashi ga mutumin da bai taɓa gani ba, sannan ya kasa ɗaukar nauyin horar da shi na 'yan kwanaki. Horar da sabon ma'aikaci ɗawainiyar mai aiki ce, domin shi zai amfana da abin da aka koya. Wannan ya bambanta da yaron da ake kaiwa koyon ɗinki ko walda a biya maigida kuɗin koyo, domin a can an san shagon, an san maigidan, kuma ba a yi wa kowa alkawarin albashi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne asusun da aka ce a tura kuɗin. Sunan kamfani ne a saman takardar, amma sunan da ke kan asusun na wani mutum ne. Kamfanin da ke da rajista yana karɓar kuɗi ne a asusun da ke ɗauke da sunansa. Haka nan adireshin imel ɗin ya ƙare da @gmail.com, wanda kowa ke iya buɗewa kyauta, kuma adireshin ofishin an rubuta Titin Ahmadu Bello kawai ba lambar gini, alhali ka san tsawon titin nan da yawan gine-ginen da ke kansa. Wa'adin awa 24 kuwa an sa shi ne don kada mutum ya sami sararin yin shawara.

Kada kuɗin ya yi masa kama da kaɗan. Da gangan ake yanka adadin da mai neman aiki zai iya rantowa, kuma idan mutum 200 suka biya, an tara naira miliyan 5. Wanda ya biya kuma ba a barinsa haka, sai a biyo shi da kuɗin gwajin lafiya, da na katin shaida, da na kayan aiki, shi kuwa ya riƙa biya don kada na farkon ya tafi a banza, har ranar da lambar wayarsu za ta daina shiga.

Idan yana son ya tabbatar da kansa, ya nemi lambar rajistar kamfanin, wadda ke farawa da RC, ya bincika sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Sai dai ganin sunan a can ba ya wanke takardar, domin 'yan damfara kan ari sunan kamfani na gaske da tambarinsa. Saboda haka ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin, ya tambayi sashen ɗaukar ma'aikata ko su suka aiko ta, kada ya dogara da lambar wayar da ke jikin takardar. Kafin nan kada ya tura musu lambar BVN ko NIN, balle lambar sirri da banki ke aikowa ta waya.

Wajen ba shi amsa ka tausasa harshe, domin wanda ya gama bautar ƙasa ya daɗe a zaune ba ya son a nuna masa cewa an raina masa wayo, kuma in ka kunyata shi zai iya biya a ɓoye. Kana iya rubuta masa cewa: “Na ga takardar, Allah Ya sa mu dace. Amma kafin ka tura kuɗi ka lura asusun na mutum ne ba na kamfani ba. Ka bari gobe mu je ofishin tare mu gani.” Ka kuma roƙe shi kada ya tura hoton ga wasu.

In kuwa ya riga ya biya, ya je bankinsa nan take da shaidar tura kuɗin ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya adana saƙonnin duka kada ya goge, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Kaduna, domin karɓar kuɗi da alkawarin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar yaƙi da zamba ta 2006. Ka sanar da ni yadda kuka yi da shi. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Mahaifinka