Zuwa ga Ɗana, Kan Barkwancin da Ya Ƙi Ci

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ɗana, na ji kana cewa barkwancinka ya ƙi ci a wurin walima, har kana shirin jefar da shi. Dakata tukuna ka gano inda ciwon yake.

Ɗauki labarin marowacin da aka tarar yana cin tuwo cikin duhu. Aka ce, "Malam, ba fitila ne?" Ya ce, "Akwai. Wani nake gudu, duk lomar da na kai baki sai shi ma ya kai." Aka ce, "Wa?" Ya ce, "Inuwata."

Duk nauyin labarin yana kan kalmar ƙarshe. In ka ce "yana gudun inuwarsa ne don kada ta ci masa tuwo", ka buɗe tukunya tun ba ta nuna ba. Alamar laifin kalmomi ita ce ka gama amma mutane na kallonka suna jiran saura, ko wani ya ce "sai kuma me?" Maganinsa ka mayar da kalmar dariyar ƙarshen jimla, ka yanke duk abin da ya biyo bayanta.

Laifin lokaci dabam yake. Za ka ga an gane, an yi murmushi, amma dariyar ba ta fashe ba. Galibi ka yi sauri ne. Tsakanin "Wa?" da "Inuwata" ana buƙatar shiru na numfashi ɗaya, in ya kai uku, wani zai riga ka faɗa. Haka in an shigo da farantan abinci ko ladani ya fara kiran salla, hankali ya tafi, ka ajiye labarin.

Na masu sauraro shi ne nake ji maka tsoro. A nan an ji, an gane, sai aka sunkuyar da kai ko aka saci kallon mutum ɗaya. Wataƙila abincin walimar ya yi kaɗan, sai labarin rowa ya zama habaici ga mai gida. Ko kuma ka laƙaba wa marowacin gari. Bazazzagi ya ce Bakano ne, a yi dariya, domin akwai wasa tsakaninsu, kamar Fulani da Barebari. Wanda ba abokin wasa ba ya faɗi haka, zagi ne.

Don ka tabbatar, ka riƙa sauya abu ɗaya tak kowane karo. Ka faɗi labarin da kalmomi iri ɗaya a majalisa uku, kana ɗaukar muryarka a waya. In ya mutu a duka ukun, gyara kalmomin. In ya ci a biyu, saurari na ukun ka auna shirunka. In shirun daidai yake, to ka tuna su wa ke zaune a wurin.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.