Kan Farin Ɓawon Tukwanenka

Aminina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Hoton tukwanen shukarka ya iso, kuma abin ya tsaya mini a rai, don kuwa na taɓa rasa shuka guda da nake ji da ita ta wannan hanya.

Farin da ka gani gishiri ne, ba fumfuna ba. Murza shi da yatsa: fumfuna laushi gare ta, shi kuwa wannan gurus-gurus yake. Ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam, takin zamani ma gishiri ne. Tukunyar laka tana naso, sai ruwa ya fito ta jikinta ya bi iska, gishirin ya zauna. Na jikin tukunya muni kawai yake jawowa. Na cikin ƙasa shi ne abin tsoro, domin yana hana saiwa shan ruwa. Za ka ga bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take.

Ka ce kullum kana ba su ruwa kaɗan-kaɗan. To, nan gizo ke saƙar. Ruwan da bai fita ta ƙasan tukunya ba, gishirinsa a ciki ya kwana.

Ka fara da kankare ɓawon saman ƙasar, kamar rabin santimita, ka zubar. In ka bar shi, narkewa zai yi ya koma wajen saiwa. Sannan ka duba hujin gindin tukunyar kada ya zama a toshe. Ka jiƙa ƙasar sosai, ka ba ta kamar rabin awa gishirin ya narke, sai ka zuba ruwa ninki biyu na cikin tukunyar. Taka babbar nan, in ta kai lita 5, lita 10 za ta sha. A hankali fa, kofi bayan kofi, kana bari yana tsiyayewa. In ka kwara gaba ɗaya gefe zai bi ya wuce. Wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunya ka zubar nan take, kada tukunya ta sake tsotse shi.

Don Allah ka yi da ruwan sama in da hali. Ruwanka na kullum zai wanke gishirin taki, amma kalsiyam ba ya narkewa da sauƙi, ƙara shi ma zai yi. Wankin yana tafiya da abincin shuka, duk da haka kada ka yi gaggawar taki sai sabon ganye ya leƙo, kuma rabin awo.

Tukunyar da babu shuka, jiƙa ta rabin awa a binega kashi 1 da ruwa kashi 3, ka goge da burushi, ka ɗauraye sosai.

Ka maimaita wankin duk bayan wata 4 zuwa 6. Ka turo mini hoto in sun yi toho. A gaida yara.

Naka har kullum.