Bulon da hoto ba ya nunawa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na ga hoton katangar nan da kuka buga a shafinku na gine-gine, tare da tambayar mai karatun da ke son ya zagaye fulotinsa mai ƙafa 50 a 100 da irinta, yana neman sanin bulo nawa zai saya. Amsar da aka ba shi ita ce bulo 1,800. An raba ƙafa 300 na kewayen fili da ƙafa ɗaya da rabi, aka samu 200, aka ninka da layi 9 da ake gani a hoton. Lissafin na da sauƙin riƙewa, amma idan bawan Allahn nan ya tafi gidan bulo da shi, aikinsa zai tsaya ba a kai ƙarshe ba, kuma kafin nan ma ya sayi nau'in da bai dace ba. Ina roƙon ku ba ni fili in gyara masa.

Abin da ya kamata a fara yi da hoto shi ne ƙirga, ba awo ba. Kyamara tana ƙara girman abin da ke kusa da ita, tana ƙanƙantar da na nesa, don haka duk wanda ya ɗora tsinke a kan fuskar waya yana kwatanta tsawo ya ruɗi kansa. Amma layin bulo ba ya ƙarya. A hoton naku ba a yi wa katangar shafe ba, ana ganin layi 9 daga ƙasa zuwa sama, ana kuma ganin bulo kusan shida tsakanin wannan fila da waccan. Wannan ya isa ya nuna cewa tazarar filolin ƙafa 10 ce ko kusa da haka. A bakin get, inda katangar ta ƙare, kaurinta bai kai na fila ba, alamar bulo ne mai inci 6, fila kuma ta kankare ce mai inci 9. Da an shafe ta, sai a nemi wani abu a hoton da aka san tsayinsa, kamar ƙaramar ƙofar shiga wadda yawanci take kai ƙafa 7, a kwatanta da ita a daidai wurin da take tsaye.

Bulon da ake bugawa a Najeriya tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9, ko mai inci 6 ne ko mai inci 9, bambancinsu a kauri yake kawai. Sai dai ba a jera bulo baki da baki. Akwai kwaɓin siminti a tsakani, kuma a hannun yawancin birkilolinmu yana kai inci ɗaya. Ke nan kowane bulo yana cin inci 19 a tsawo, kowane layi kuma inci 10 a tsayi. Layi 9 ya zama inci 90, wato ƙafa bakwai da rabi.

Yanzu a ɗauki fulotin nasa. Kewaye ƙafa 300 ne. A cire babban get, a ce ƙafa 12, da ƙaramar ƙofa ƙafa 3, saura ƙafa 285, wato inci 3,420. Filoli kusan 30 za a zuba idan ana barin ƙafa 10 tsakaninsu, kowace tana cin inci 9, jimla inci 270 da babu bulo a ciki. Saura inci 3,150. A raba da 19, layi ɗaya ya tashi bulo 166. Layi 9 ya zama 1,494. Wannan shi ne abin da ido ke gani a hoton, kuma bai kai 1,800 da aka faɗa ba da sama da bulo 300.

Mai karatu zai ce ai shi ke nan, an ba shi har da rara. A nan matsalar take. Katanga ba daga doron ƙasa take farawa ba. An haƙa rami, an zuba kankare a ƙasansa, sannan aka ɗora bulo har ya fito sarari, kuma duk wannan ƙasa ta rufe shi kafin mai hoto ya iso. A ƙasa mai tauri layi 3 ne aka saba yi, da bulo mai inci 9, a cike ramukansa da kankare mara ƙarfi sosai don kada matsin ƙasa da danshi su murƙushe shi. Fandisho kuma gara ya zagaye fili duka, har ƙarƙashin get, domin shi ke ɗaure filolin get biyu, waɗanda nauyin ƙarfe da buɗewa da rufewa ke jijjigawa kullum. To ƙafa 300 inci 3,600 ne, a cire na filoli 270, a raba da 19, layi ɗaya 176 ne, uku kuma 528.

Sai asara. Bulo yana fashewa wajen lodi, yana fashewa wajen saukewa, musamman idan yaran mota suna gaggawar komawa ɗauko wani. Akwai kuma asarar da mutane ba sa lura da ita. Ana gini ne a saɓa gaɓa, kada bakin bulon sama ya faɗa daidai bakin na ƙasa, don haka duk layi na biyu sai an fara shi da rabin bulo a jikin fila a kuma ƙare da rabi. Birkila da gefen cokalinsa yake sara bulon, kuma ba kullum yake rabuwa gida biyu masu amfani ba, sau da yawa ɓari ɗaya ya ruguje. Katanga mai filoli 30 tana da wuraren yanka kusan 60 a kowane irin wannan layi. Saboda haka ake ƙara biyar cikin ɗari idan bulon mai kyau ne. Na sama ya zama kusan 1,570 mai inci 6, na ƙasa kusan 555 mai inci 9. Jimla 2,125.

Ka ga inda amsar farko ta kauce. Ta yi kuskure biyu, ɗaya ya ɓoye ɗaya: ta zarce a sama saboda ba ta cire get da filoli da kwaɓi ba, ta kuma manta fandisho gaba ɗaya. Mai fili zai sauke mai inci 6 guda 1,800, ranar fara aiki birkila ya tambaye shi ina mai inci 9. Abin da nake tsoro shi ne abin da aka saba yi a irin wannan hali, a ce a yi haƙuri a sa mai inci 6 a ramin tunda shi ne a ƙasa. Irin wannan katangar ce ake tashi da safe bayan ruwan Agusta a tarar ta kwanta a kan hanya, ko a kan ɗakin maƙwabci.

Akwai abu na biyu da hoto ke ɓoyewa, shi ne gangaren fili. A duba saman katangar. Idan yana sauka mataki-mataki kamar bene, to maginin ya bi gangaren ne, tsayin ko'ina ɗaya, lissafin bai canza ba. Idan kuwa saman a miƙe yake sak alhali ƙasar tana gangarawa, to ɓangaren kwari ya fi cin bulo. A ce filin ya sauka inci 30 daga gaba zuwa baya. Bangon baya mai ƙafa 50 zai ƙara layi 3 cur, bulo kusan 90. Dogayen bangaye biyu kuma ƙarin nasu yana farawa daga babu ya kai layi 3, a tsakaice layi ɗaya da rabi, kusan bulo 90 kowanne. Bulo 270 ke nan da ba wanda zai hango daga hoton filin wani. Ana gane gangare da siririn tiyo mai ruwa a ciki, irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, mutum biyu su riƙe bakinsa a kusurwa biyu su auna daga inda ruwan ya tsaya zuwa ƙasa. Aikin rabin sa'a ne, kuma ya kamata a yi shi kafin a biya kuɗin bulo ko ɗaya.

Haka nan kada a yarda da inci 18 don an faɗa. Wasu gidajen bulo injinsu ya gaza girman da aka sani. A jera bulo goma baki da baki a ja tef. Ya kamata a samu ƙafa 15. Idan bulon inci 17 ne, layin da muka ce 166 zai koma 175, ƙarin bulo 81 a layi 9, kuma idan tsayinsa ma ya gaza, katangar ba za ta kai ƙafa bakwai da rabi ba sai an ƙara layi guda. A wurin kuma a kankari gefen bulon da farce. Idan yashi na zubowa, simintinsa ya yi kaɗan ko ba a ba shi ruwa ya ƙosa ba, sai a ɗaga asara zuwa goma cikin ɗari, ko mafi kyau a wuce gaba.

Wasu za su ce injiniyoyi bulo 10 suke lissafawa a kowace murabba'in mita. Gaskiya ne, amma wannan adadin girman bulon ne tsurarsa, ba a sa kwaɓi ba. Da kwaɓin inci ɗaya, takwas da 'yan kai ne ke shiga. Ya dace da tanadin kuɗi tun daga nesa, amma wanda zai ba da oda ya ƙirga layi-layi. Masu karatunku na Maraɗi da Damagaram kuma su lura, bulon da aka fi bugawa a Nijar santimita 40 ne a 20, ya fi namu ƙanƙanta, sha biyu da rabi ne ke cika murabba'in mita kafin a sa kwaɓi. Hanyar lissafin ɗaya ce, adadin ne ba za su ara daga nan ba.

Mai tambayar ya kuma leƙa ya ga ko maƙwabcinsa ya riga ya ja katanga a gefe ɗaya. Idan sun daidaita a kanta, gefen ƙafa 100 ya fita daga lissafi, kusan bulo 700 ke nan tsakanin na sama da na ƙasa. Shawarata gare shi ita ce ya fara sauke mai inci 9 kaɗai, a fito da fandisho a kuma fitar da rodin filoli, sannan ya ƙirga bulon da layi ɗaya ya ci da idonsa, ya cire na ƙarƙashin get da ƙaramar ƙofa, ya ninka da tara, ya ƙara biyar cikin ɗari, ya ba da odar mai inci 6 a kan wannan adadin.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon magini, daga Zariya