Kanwa ba fotash ba ce, wuta ma ta shaida

Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Abun da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani rubutu da na gani a shafinku na girke-girke inda aka ce kanwa ita ce fotash, wai cike take da fotasiyam. Ban ga laifin marubuciyar ba dan kuwa haka kowa ke kiranta da Turanci a ƙasar nan, amma ni ina koyar da kemistiri a wata sakandare a nan Gombe, kuma washegari wata ɗalibata ƴar aji biyar ta tare ni da jaridar a hannu tace Malam, in dai haka ne kenan in mun sa kanwa a wuta za ta ba da kalar fotasiyam ko? Nace mata kar mu yi gardama, mu je wuta ta raba mu.

Gwajin harshen wuta ba wani abu ne mai wuya ba. Ana samun ƴar siririyar waya ta nikurom, a lanƙwasa bakinta kamar zobe, a tsoma a asid ɗin HCl, a ƙona ta har sai ta daina canza launin wutar, sannan a sake tsomawa a dangwali garin gishirin da ake son gwadawa a kai gefen harshen wutar. Amfanin asid ɗin biyu ne, yana wanke waya kuma yana maida gishirin kulorayid, shi kuwa kulorayid ya fi saurin tashi ya zama tururi cikin wuta. Sai dai dole a buɗe ƙofar iska ta murhun har wutar ta koma shuɗiya wadda da ƙyar ake ganinta. In aka bar ta a rufe wutar da kanta rawaya take fitowa saboda ɓurɓushin baƙin hayaƙi da ke ci a cikinta, to nan yara da yawa ke rubuta sodiyam, tunda rawaya ce kalarsa a wuta, alhali ba su ma sa komai ba tukuna.

Mun fara da gishirin miya, wanda na sodiyam ne. Wuta ta koma ruwan ɗorawa shar, mai ƙarfi, ta daɗe ba ta gushe ba, irin dai wadda uwargida ke gani in miya ta tafaso ta zubo kan gas. Sai muka ɗauko gishirin fotasiyam, wato KCl, na cikin kwalbar makaranta, wannan kalarsa shunayya ce mara kauri kamar furen tumfafiya, sai da muka rufe tagogi kafin na bayan aji suka gani. Na jan ƙarfe kuma, wato shuɗin gishirin nan CuSO4, ya ba da kore mai sirkin shuɗi, yara har da tafi.

Sannan muka zo kan kanwa, wadda na saya a tsohuwar kasuwa na daka da kaina. Edita, rawaya ce tsantsa, babu maraba da ta gishirin miya. Yarinyar nan ba ta yarda nan take ba, kuma na ji daɗin hakan, tace ai kai ka taɓa ce mana sodiyam na rufe fotasiyam, ƙila yana ciki ba mu gani ba ne. Gaskiyarta. Shi ya sa ake duba wutar ta cikin shuɗin gilashin kobalt, wanda ke shanye rawayar ya bar saura su wuce. Da muka leƙa wutar kanwa ta gilashin sai ta zama kamar an kashe ta, kusan ba abun gani. Da muka gwada gishirin da na samu bayan na tace tokar karan dawa na ƙafar da ruwan, da ido kawai rawaya-rawaya ce mai ɗan ruɗani, amma ta cikin gilashi sai ga ja mai shunayya ya fito fili. Fotasiyam na toka ne. Kanwar da ake haƙowa a yankin tafkin Chadi yawancinta gishirin sodiyam ce, kabonet da bayikabonet, kuma wanda likita ya ce ya rage gishiri saboda hawan jini ya kamata ya san da haka.

To me ke kawo launin? Ilektaron ɗin da ke cikin atam ba ya zama inda ya ga dama, matakala gare shi kamar na bene, ko yana kan wannan ko yana kan wancan, babu tsayawa a tsakani. Zafin wuta kan tura shi mataki na sama, ba ya iya daɗewa a can sai ya faɗo, in ya faɗo sai ya saki ƙarfin da ya ɗauka a matsayin haske. Tazarar matakalan ita ke yanke launin, kuma kowane ƙarfe da tasa tazarar. Ana auna tsawon zangon haske da wani ɗan ƙaramin ma'auni, nanomita, ta sodiyam kuwa tana ba da haske mai nanomita 589, wanda idonmu ke gani rawaya.

A nan ne amsar dalilin da ya sa fotasiyam ke wahalar gani take, kuma littattafan da muke ba yara ba kasafai suke faɗa ba. Idon ɗan Adam ya fi kaifi a wajen nanomita 555, kun ga 589 maƙwabcinsa ne. Shi kuwa fotasiyam haskensa mafi ƙarfi yana wajen 766 ne, can ƙarshen ja inda ido ya kusa gazawa, sai wani ɗan rauni a 404 a ɗaya ƙarshen. Saboda haka ɗan mitsitsin sodiyam ya isa ya danne shi, ko gumin yatsa in yaro ya taɓa bakin wayar ya wadatar. Ni yanzu waya biyu nake ajiyewa, ta sodiyam daban, kuma kullum ita ce ta ƙarshe a gwaji dan in ta ɓata wuta sai an sha wanki.

Jan ƙarfe nasa ya ɗan bambanta. Yawancin launin ba daga atam ɗinsa shi kaɗai yake fitowa ba, daga ƙananan haɗe-haɗen da yake yi ne cikin wutar, CuOH na ba da kore, CuCl na ba da shuɗi. Shi ya sa in wayar ta jiƙu sosai da asid launin kan karkata zuwa shuɗi, rukuni biyu su gwada kwalba ɗaya wannan ya ce kore wancan ya ce shuɗi, kuma duk ba wanda ya yi ƙarya.

Gwajin yana da iyaka, ƙarfen kawai yake nunawa, ba zai gaya maka ko kabonet ba ne ko salfet, kuma irin su maganiziyam gishirinsu ba ya ba wuta wani launi. Ko Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff a Jamus ba da ido kawai suka tsaya ba, sai da suka raba hasken da gilashi mai kusurwa uku kafin suka gano ƙarfen sisiyam a 1860.

Roƙona biyu ne. Ku gyara batun kanwar nan a fitowa ta gaba. Sannan shugabannin makarantu su taimaka su sayi gilashin kobalt ko guda biyu ne a kowane ɗakin gwaji, nawa ma da kuɗina na sa aka kawo min daga Kano, kuma shi kaɗai yara sama da hamsin ke bi layi su leƙa.

Naku,
Wani malamin kemistiri,
Tudun Wada, Gombe.