Saura kwana goma JAMB, Yayana ya hana ni tsallake komai

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ina rubuto miki raina a ɓace, domin jiya da dare Yayana ya karɓe takardar da na tsara karatuna a kai, ya ce ragwanci ne, wai duk mai son likitanci ba ya zaɓen abin da zai karanta. A gaban ƙannena ya faɗa. Shi da ko kemistiri bai taɓa yi ba, ɓangaren kasuwanci ya karanta.

Saura kwana goma in zauna JAMB, kuma a Gusau aka ba ni santa, ni kuwa ina Talata Mafara, kin ga ranar tafiya ba ta cikin lissafi. Turanci da bayoloji ba na jin tsoronsu, fiziks ma da sauƙi-sauƙi. Kemistiri ne ya tsaya mini a wuya. Malamin da Baba ya biya kuɗin lesin ya ɓata mana watanni a kan raba gauraye da tsarin atom, abubuwan aji huɗu, da aka matsa masa sai ya daina zuwa, wayarsa kullum a kashe. Oganik ko buɗe shi bai yi ba, haka ƙarafa da yadda ake tace su. Allah ya isa kawai zan ce. Yanzu kuma ni ake kallo kamar ni na ƙi karatu, alhali ni ce mai girki da wanke-wanke tunda Inna ta kwanta, wuta kuma sai ta ga dama.

Ga abin da ke cikin takardar da ya karɓe. Tambaya 180 ce a awa biyu, Turanci 60, sauran ukun 40-40, wato kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan idan aka raba daidai. Kemistiri maki 100 ne, idan na raba gida 40 kowace tambaya ta tashi maki biyu da rabi, mai wuya da mai sauƙi duk farashinsu ɗaya. Sai na ɗauko tambayoyin shekarun baya, ina yi wa kowace alama da babin da ta fito. Na ga oganik ba ya fashi, kuma da yawa yake zuwa, yawancinsa ganewa ce kawai: wane iyali ne wannan, me ke gusar da launin ruwan buromin, me ake samu idan alkanol ya haɗu da alkanoyik asid. Wanda ya san amsar alkin ce ko esta ce, kafin daƙiƙa goma ya wuce. Lissafin ilaktarolisis kuwa sai na mayar da minti daƙiƙa, na ninka da ƙarfin wutar, na raba da 96,500, sannan na tuna cajin ƙarfen. Na gwada da agogo, minti biyu ya wuce, kuma amsata ba ta cikin zaɓin huɗun, don na ɗauki jan ƙarfe da caji ɗaya, yadda yake a rubutun da malamin nan ya ba mu, maimakon biyu.

Shi ya sa na ce zan ba oganik kwana uku, in ajiye lissafin ilaktarolisis da na canjin zafi, ƙarafa kuma in tsaya a baƙin ƙarfe da alminiyam. Lissafin mol ban yar da shi ba, na san shi ne gindin dokokin gas da narkewa da asid, wanda ya yar da shi ya yar da babi huɗu. Abin da na bari in ya fito zan canka, tunda ba a rage maki a kan kuskure. Ina laifi a nan?

Amma ƙawata ta ce oganik ba ya zama a kai cikin kwana uku ga wanda bai taɓa jin sa a aji ba, gara in gyara ilaktarolisis da na sani rabi-rabi. Maganarta ta hana ni barci, don gaskiya sunayen nan na haɗe-haɗe masu lambobi suna cakuɗe mini. Na manta ban faɗa miki ba, Yaya ne zai biya kuɗin mota zuwa Gusau, kuma ya ce kullum da dare zai riƙa duba babin da na kai, daga shafin farko a jere.

Anti, wanne ake fara yarwa, wanda ba a taɓa gani ba amma yana yawan fitowa, ko wanda aka sani rabi amma yana cin lokaci? Kuma don Allah ki yi maganar a shirinki na wannan makon, Yaya yana sauraro. In daga bakinki ya ji, wataƙila ya mayar mini da takardata.

Taki,
wata ɗaliba daga Talata Mafara