Kafin ku karanta "kashi 60 cikin 100", ku faɗa mana na mutum nawa ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan Allah Ya ƙara wa aikinku albarka. Ni malamin lissafi ne a nan Aboabo, Kumasi, kuma mai sauraron labaranku na Hausa ne. Na rubuto ne a kan yadda ake karanta sakamakon binciken jin ra'ayin jama'a, musamman idan ya shafi mu mutanen zango. Sau da yawa mukan ji an ce kashi kaza cikin ɗari na Musulmi ko na matan zango sun ce kaza, sai a wuce zuwa labari na gaba. Ba a faɗa mana mutum nawa aka tambaya ba, ba a kuma faɗi cikin su wa aka cire kason ba. Kafin la'asar maganar ta kai majalisun shayi na Asawase da Sabon Zango, ta zama hujjar da ake kafawa a kanmu.

Babban bincike irin na Afrobarometer, wanda cibiyar bincike ta CDD-Ghana ke gudanarwa a ƙasar nan, yakan tambayi manya kimanin 2,400, kuma masu binciken sukan bayyana cewa sakamakonsu zai iya kauce wa gaskiya da maki 2 sama ko ƙasa. Wannan aiki ne mai kyau, ba ni da ja da shi. Sai dai maki 2 ɗin nan na ƙasa baki ɗaya ne. Da zarar mai rahoto ya ware wani yanki ko wani rukuni, ya bar mutum 2,400 a baya, amma yakan ci gaba da magana da ƙarfin gwiwa kamar har yanzu suna tare da shi.

Ga misali, kuma lambobin amsoshin da zan kawo nawa ne, na tsara su ne domin lissafin ya fito fili, ba daga wani rahoto na ɗauko su ba. A ce an tambayi mutum 2,400 a faɗin Gana, washegari aka karanta cewa kashi 60 cikin 100 na Musulmin yankin Ashanti sun daina amfani da Momo, wato tura kuɗi ta waya, saboda 'yan damfara.

Ƙidayar 2021 ta Hukumar Ƙididdiga ta Gana ta nuna mutanen ƙasar sun kai miliyan 30.8, kuma kimanin miliyan 5.4 daga cikinsu suna Ashanti. Wato idan aka raba tambayoyin daidai da yawan jama'a, rabon Ashanti daga 2,400 zai kama kusan mutum 420. Mu ƙaddara ɗaya cikin kowane bakwai Musulmi ne. Ka ga mun sauko zuwa mutum 60. Tun a nan ya kamata mai karanta labari ya rage murya.

Amma ba a nan abin ya tsaya ba. Takardun tambayoyi suna da tsari na tacewa: akwai tambayar da ba a yi wa kowa, sai wanda ya amsa "e" a tambayar da ta gabace ta. A misalinmu tambayar farko ita ce, "An taɓa damfarar ka ta Momo?" Mutum 15 cikin 60 suka ce e, wato kashi 25 cikin 100. Su 15 ɗin kaɗai aka yi wa tambaya ta biyu, "Ka daina amfani da Momo bayan hakan?" Tara suka ce sun daina. Tara cikin 15 shi ne kashi 60 cikin 100, kuma daga nan kanun labarin ya samo lambarsa.

Lambar ba ƙarya ba ce, amma an jingina ta ga mutanen da ba nata ba. Kashi 60 ɗin na waɗanda aka damfara ne. Idan ana son a yi magana a kan dukkan Musulmin Ashanti da aka tambaya, sai a ce tara cikin 60, wato kashi 15 cikin 100. Wanda bai ga adadin mutanen ba, ya ga kason biyu kawai, zai iya samun amsar ta ninka su: kashi 60 na kashi 25, wato 60 sau 25 a raba da 100, ya ba da 15. Tsakanin 60 da 15 akwai ninki huɗu. Labari ɗaya yana cewa yawancinmu mun guje wa Momo, ɗayan yana cewa ƙasa da mutum ɗaya cikin shida ne.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta rabon gado ya san wannan tarkon. Idan mace ta rasu ta bar miji da uwa da uba, ba 'ya'ya ba 'yan'uwa, miji ya ɗauki rabi, uwa kuma ta ɗauki sulusin abin da ya rage. Sulusin rabi sudusi ne na dukiyar gaba ɗaya. Almajirin da ya ji "sulusi" ya ruga ya yanka daga dukkan dukiyar ya ninka wa uwa rabonta ya tauye uba. Malamanmu ba su yarda a ce sulusi a yi shiru, sai an faɗi sulusin me. Haka nake roƙon a yi da kowane kaso da za a karanta mana.

To, ko da an gyara jimlar an ce "kashi 60 na waɗanda aka damfara", akwai sauran matsala, domin mutum 15 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu. A cikin 15, kowane mutum ɗaya yana ɗauke da kusan maki 7. Da a ce biyu daga cikin taran nan sun fita kasuwa ranar da mai tambaya ya zo, aka sami maƙwabtansu da ba su daina ba, da an samu bakwai cikin 15, kusan kashi 47. Rinjaye ya koma marasa rinjaye saboda mutum biyu.

Akwai hanya mai sauƙi ta kimanta girman kuskuren, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗan jarida za ta yi ta. A nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin waɗanda aka tambaya, sai a raba 100 da ita. Ga mutum 2,400 lambar kusan 49 ce, 100 a raba da 49 ya ba da maki 2, daidai da abin da masu bincike ke faɗa. Ga mutum 400 maki 5 ne, ga mutum 100 maki 10. Ga mutum 15 kuwa lambar kusan 4 ce, kuskuren ya kai maki 25. Ke nan kashi 60 ɗinmu zai iya zama ko'ina tsakanin 35 da 85. Ba wanda zai iya cewa "yawanci" da irin wannan tazara. Wannan ƙiyasi ya fi dacewa idan kason yana kusa da rabi, kuma idan mutanen sun yi kaɗan sosai kamar haka, kimantawa ce kawai, amma ta isa ta hana a yi kanu da lambar. A lura kuma: kafin a rage kuskure zuwa rabi, sai an ninka yawan mutanen sau huɗu.

Nan ne ma kwatance ke ɓata labari. Sai a ce a Kumasi kashi 60 ne, a Accra kashi 45, a kira baƙo ya yi minti goma yana bayanin dalilin da ya sa Nima ta fi Aboabo haƙuri da 'yan damfara. Idan kowane ɓangare mutum 15 ko 20 ne, wannan bambancin na maki 15 ya nutse cikin kuskure, babu abin da za a yi wa bayani.

Dukkan wannan lissafi yana aiki ne idan an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, kowa na da damar a faɗo kansa. Ko a bincike mai inganci, ba a warwatsa tambayoyin gida ɗaya nan gida ɗaya can. Akan zaɓi unguwa a yi wa mutane kaɗan tambaya a cikinta, a Afrobarometer galibi takwas. Mu kuwa a tattare muke zaune a zanguna, don haka mutum 60 ɗin nan za su iya fitowa daga 'yan unguwanni ƙalilan, inda mutane ke ciro kuɗi a rumfa ɗaya suna jin labarin damfara ɗaya. Hakan yana ƙara faɗin kuskuren. Amma ƙuri'ar da ake yi ta kiran waya a cikin shiri ba ta shiga wannan lissafi sam. Wanda aka cuta shi ne ke da zafin bugowa, wanda Momo ɗinsa ke aiki lafiya yana can yana harkarsa. Ko masu kira sun kai dubu, ra'ayin masu kira ne kawai, kuma haka ya kamata a faɗa.

Akwai alamar da ke tona ƙaramin adadi ko da an ɓoye shi. Idan ka ga tebur cike da 33.3 da 66.7, ko 12.5 da 37.5 da 62.5, ko 14.3 da 28.6, ka yi zargin an raba ne da uku, ko takwas, ko bakwai. Ɗigon da ke bayan lambar yana ba ta kamannin ƙwarewa, alhali 37.5 na iya zama mutum uku cikin takwas.

Abin yana damuna ne saboda na san inda irin waɗannan lambobi ke ƙarewa. Su ake ɗauka zuwa taron majalisar ƙaramar hukuma, su ƙungiyoyi ke sakawa a takardun neman tallafi, su kuma mai son buɗe rumfar Momo a unguwarmu zai ji ya fasa. Mutanen zango sun daɗe suna shan maganganun da aka yanke a kansu ba tare da an tambaye su ba, bai kamata gidan da ke magana da harshenmu ya ƙara wani da amsar mutum tara ba.

Roƙona, Malam Edita, kafin a karanta kowane kaso, wanda ke shirya labarin ya buɗe cikakken rahoton, kada ya tsaya ga takardar manema labarai. Ya dubi ƙasan teburin, inda akan rubuta adadin waɗanda suka amsa da harafin n, kamar n=15, ya kuma karanta tambayar yadda aka yi ta don ya ga ko kowa aka yi wa. Idan adadin bai kai 100 ba, a faɗe shi da mutane: "tara daga cikin mutum 15 da aka damfara". Idan masu rahoton ba su rubuta adadin ba, a kira su a tambaya, in sun ƙi faɗa a sanar da mu cewa sun ƙi. Idan kuma kuna da buƙata, a shirye nake in zo ofishinku wata Asabar in zauna da matasan ɗakin labarai, mu ɗauki rahoto ɗaya na gaske mu bi teburansa tare.

Na gode, Allah Ya ba da ladan aiki.

Naku,
Malamin lissafi,
Aboabo, Kumasi